Sunan da ke cikin waya

Malam Lawwali na Rara ya fi shekara biyu ba ya ganin ƙananan rubutu, amma sai ka rantse ya haɗiye Alƙur'ani a kan kada kowa ya sani. Taurin kai ne kawai. In saƙo ya shigo wayarsa, sai ya ce rana ce ta yi yawa.

Ranar sunan jikarsa asiri ya so tonuwa. Uban jaririyar, ɗansa Shafi'u, ya bi motar albasa zuwa Kudu, ya turo sunan a rubuce, yanzu kuma wayarsa a kashe. An raba goro, rago na ɗaure, liman na jiran a raɗa masa suna. Malam ya kai wayar bakin hanci, ya miƙa ta nesa, haruffan nan kamar tururuwa. Ya ba wani ya karanta? A ji sunan kafin liman, a kuma ji kakan ba ya gani? Ina!

Sai ya ja abokinsa Atiku bayan rumbu. Atiku makaho ne tun yana yaro, amma waya a hannunsa sai ka ce da ita aka haife shi.

"Mi yaf faru, Malam?"

"Atiku, rufa mani asiri. Ba ni gani."

"Yau ka sani? Ni da ba ni da ido na daɗe da ganewa. Kawo ta."

Atiku ya danne maɓallan ƙara sauti da ragewa tare. Ashe Shafi'u ya taɓa saita hanyar da waya ke karanta wa makafi rubutu, don nan take muryar wata Baturiya ta kama magana daga cikin wayar.

"Kashe ta! Za ta hwaɗi sunan!"

"Ba ni barin ta kusa da saƙon. Ko ta hwaɗa ma, Hausa tata ko aljani bai gane ta."

Yana shafa yatsa dama, muryar tana faɗin abin da ya taɓa, in ya ji wanda yake so ya ƙwanƙwasa sau biyu. Haka ya lalubo wurin girman rubutu, ya kai shi ƙarshe, ya sake danne maɓallan, Baturiya ta yi shiru.

"To, buɗe da kanka. Makaho ya gama ja maka gora."

Malam ya buɗe saƙon. Haruffa ɓaro-ɓaro, kalma ɗaya ta kusa cika faɗin wayar: Mashkura. Sunan matarsa ne, wadda ta rasu bara da damina. Kewarta ta taso masa gaba ɗaya, rubutun ya sake dushewa.

"Har yanzu bai yi girma ba?" in ji Atiku.

"Ya yi." Malam ya goge ido da hannun riga. "Taho mu tahi ga liman. Uwargida ta dawo gida."