Layi Biyar Zuwa Cibiyar Koyar da Ɗinki

Saƙon ya shigo wayarta da hantsi, tana tsaka da guga. Ta ajiye dutsen gugar a tsaye, ta goge hannu da gefen zani, ta buɗe. Cibiyar koyar da sana'a ce, inda ta je intabiyu mako biyu da suka wuce. Sun gode da lokacinta, sun yaba da ƙwarewarta, amma a wannan karon sun ɗauki wata. Suna mata fatan alheri.

Ta karanta sau uku, kamar a na ukun zai sauya. Sannan ta kifa wayar a kan tebur ta ci gaba da gugar, domin mai rigar za ta zo da azahar.

Shekara ashirin da biyu ke nan tana ɗinki a wannan shago, ɗaki ɗaya mai taga ɗaya a ƙarshen layin shaguna. Kowa Anti Tela yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Da su biyu ne, ita da yayarta, keke na amsa wa keke, hira ba ta yankewa. Shekara shida da suka wuce aka yi wa mijin yayar canjin wurin aiki, suka tafi gari mai nisa. Mijinta ita kuma ya riga ya rasu, 'yarsu ɗaya tana makaranta a wani garin. Tun daga nan shagon ya zama sai ƙarar keke da ta fanka. Masu kawo ɗinki sukan shigo, a auna su, su faɗi ranar da suke so, su fita. Wata rana takan yi lissafi ta ga tun safe ba ta furta komai ba sai "ɗaga hannu" da "juya".

Shi ya sa da ta ga tallar ana neman malamar ɗinki, abin da ya fara zuwa ranta ɗaki ne cike da mutane, ana kiranta ta nan ana kiranta ta can.

Da yamma ta kira 'yarta. Sai a kira na biyu ta ɗauka, murya ƙasa-ƙasa.

"Umma, ina ɗakin karatu ne. Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Aikin nan ne ba a samu ba."

"Ayya, Umma. Su suka yi asara wallahi. Ƙila dama suna da 'yarsu. Zan kira ki anjima."

Anjimar ba ta zo ba, kuma ba ta ga laifin yarinyar ba, jarabawa ce a gabanta. Amma maganar "suna da 'yarsu" ta zauna mata a rai. Ta ji daɗinta na yini guda, washegari ta fara yi mata ɗaci. In da gaske suna da tasu, shi ke nan. In kuma ba haka ba ne fa? To akwai wani abu da ta yi ba daidai ba a ɗakin nan, mutum ukun da suka yi mata intabiyu sun gani, ita kaɗai ce ba ta sani ba.

Ta sake bin ranar daki-daki. Tambayoyin baki ta amsa su. Kayan da ta kai na shaida kuwa, har shugabar sashen ɗinki sai da ta juya wata riga ta duba cikinta ta gyaɗa kai. Sai gwajin koyarwa: aka ba ta minti goma sha biyar da ɗalibai mata uku, ta koya musu sa zif a siket. Zif ya zauna sumul, kafin ma lokaci ya cika. To ina matsalar?

A bayan littafin awo ta rubuta wasiƙar, da biron da take rubuta faɗin kafaɗa da tsawon hannu. Shafi ɗaya da rabi ta ci. Ta yago ta daga littafin, ta ninke, ta nufi shago na uku daga nata, inda wani dattijo yake buga takardu da kwafi. Tsohon ma'aikacin ofis ne, shekara talatin yana buga wasiƙun wasu, shi ya sa duk layin Sakatare suke ce masa. Shi ya buga mata takardar neman aikin tun farko.

Ya sauke gilashinsa zuwa kan hanci ya fara karantawa a bayyane.

"'Ina so a gaya mini dalilin da ya sa aka ƙi ni, alhali shekarata ashirin da biyu a wannan sana'a.'" Ya dube ta ta saman gilashin. "Anti Tela, wasiƙa ce wannan ko sammaci?"

"Baba Sakatare, ai gaskiya na faɗa."

"Gaskiya ce. Amma ni da nake zaune a ofis, in na ga irin wannan, abin da nake gani shi ne rigima ta taso. Sai in kai wa maigidana, shi kuma ya ce a amsa da layi ɗaya, hukuncin kwamiti ya zauna, a rufe fayil. Me kike nema ne, su sauya shawara?"

Ta girgiza kai. "A'a. Wannan ya wuce."

"To ki faɗa musu ya wuce, hankalinsu ya kwanta. Wa aka ɗauka, kina son sani?"

"Ina so mana."

"Ba za su faɗa ba, kuma ba huruminki ba ne. Cire." Ya ja layi. "Shekara ashirin da biyun nan ma sun sani, tana cikin takardunki. In kin maimaita, gori ya zama." Ya sake jan layi. Haka ya yi ta yi har takardar ta koma kamar yadin da aka yi wa alli ta ko'ina.

Wuri ɗaya suka yi gardama. Shi yana so a sa "ina mai matuƙar ba da haƙuri da damun ku", ita ta ce ba laifi ta yi ba da za ta ba da haƙuri. Ya yi dariya ya ce ta ci wannan. Abin da ya rage layi biyar ne:

"Assalamu alaikum. Na gode da damar da kuka ba ni ta yin intabiyu, da kuma sanar da ni sakamako. Na karɓi shawarar kwamiti, ina yi wa cibiya fatan alheri. Idan da hali, zan so a nuna mini abu ɗaya ko biyu da ya kamata in gyara, musamman a gwajin koyarwa, domin in ƙara shiri nan gaba. In kuma ƙa'idarku ba ta yarda ba, na fahimta."

"Ki tura shi a matsayin amsa ga saƙon da suka aiko, kada ki buɗe sabo," in ji shi. "Sannan ki sa a ranki ƙila ba za su amsa ba. Da yawa ba sa amsawa, kuma ba raini ba ne. Kada ki bi su da kira."

Kwana takwas shiru. Ta yi ɗinki, ta share shago, ta ci abincin rana ita kaɗai a kan teburin yanka, wayar na gefen kwano. Duk ƙarar da ta yi sai ta duba ta ga tallar kamfanin waya ce. A rana ta tara ofishin ma'aikata na cibiyar suka amsa cewa sun miƙa saƙon ga shugabar sashen, za ta kira ta ranar Laraba da ƙarfe sha ɗaya, na minti goma.

Ranar Larabar ta kashe fanka don ta ji sosai, ta tura ƙofa, ta buɗe littafin awo a sabon shafi.

"Hajiya, ina kwana," in ji shugabar. "Kafin komai, ba zan iya yin magana a kan sauran masu neman aikin ba, sai a kan naki."

"Na fahimta, ranki ya daɗe."

"Ɗinkinki dai babu abin cewa, mu ukun duka mun ba ki maki mai yawa a nan. A gwajin koyarwa ne makin ya sauka. Kin tuna ɗalibar da ke tsakiya?"

"Mai farin gilashi."

"Ita. Ta ɗora zif ɗin a juye. Kika karɓi yadin daga hannunta, kika cire fil ɗin, kika gyara, kika zauna a kekenta kika ɗinke. Daga nan har ƙarshe ba ta sake taɓa yadin ba. Kuma wajen minti shida ba ki ce komai ba, aiki kawai kike, su suna kallon bayanki."

Amsa ta taso mata har maƙogwaro. Lokaci ne ya yi kaɗan, kuma da ta bar yarinyar da ta ɓata yadi. Ta danne ta, ta riƙe biro ta rubuta: minti shida.

"Bayan kin fita mun tambaye su ko za su iya sa zif da kansu," shugabar ta ci gaba. "Suka ce zif ɗin ya yi kyau."

Dariya ta kuɓuce mata, wata irin dariya mai zafi a ƙirji. "Gaskiya ne, haka na yi. Ranki ya daɗe, tambaya ɗaya. Da me kuka so ku gani a lokacin da ta juya shi?"

"Ki bar shi a hannunta. Ki ce ta rufe zif ɗin ta duba ina mariƙinsa ya kalla. Da kanta za ta gano. Ko da lokaci ya ƙare ba a gama siket ɗin ba, mu ba siket muke dubawa ba."

Ta rubuta wannan ma. Shugabar ta ce in an sake buɗe gurbi za ta iya nema kamar kowa, amma ba ta san yaushe ba, kuma ba alkawari take yi ba. Suka yi sallama. Minti bakwai kiran ya ɗauka.

Ta daɗe zaune ba ta kunna fankar ba. Ba wanda ya zalunce ta, kuma wannan ya fi wuyar haɗiyewa a kan zargin da 'yarta ta yi. Ta so a ce akwai wanda za ta juya ta ce wa, "Kin ji fa abin da na yi?" Ta ɗauki waya ta tura wa cibiyar layi biyu na godiya, wannan karon ba ta nemi Sakatare ba.

Bayan la'asar wata matar aure ta shigo da siket, zif ya lalace.

"Zauna nan," in ji Anti Tela, tana nuna mata kujerar keke. "Ke za ki sa shi, in nuna miki."

Matar ta yi turus. "Anti, ni fa gyara na kawo. Sauri nake, yara na hanya."

"To, kawo."

Ta zauna ta fara warware tsohon ɗinkin. Sai ta ji bakinta ya buɗe. "Farko a cire tsohon a hankali, kada a ja, yadin zai yage. Sannan a goge bakin ya kwanta. Fuskar zif ƙasa take kallo, a kan bayan yadin."

Muryar ta fito a dushe, kamar ba tata ba. Matar tana tsaye a bakin ƙofa tana latsa waya, ko ɗagowa ba ta yi ba. Anti Tela ta gyara murya, ta ɗauki fil, ta ci gaba da bayani har ta kai ƙarshen ɗinkin ta yanke zare.