Jan Sa Mai Tsagaggen Kunne

Dabo dillalin shanu ne a kara, kasuwar dabbobin Illela, kuma a wurinsa duk baƙon ido ɓarawo ne sai ya wanke kansa. Shi ya sa ya rungumi manhajar da Humaira 'yar ƙanwarsa ta haɗa. Wanda dabbarsa ta ɓace sai ya rubuta kamanninta, ba hoto bare bidiyo, don kada ta ci data. Jerin yana zaune cikin waya, ana dubawa ko babu sabis, amma sabon labari ba ya shiga sai an kunna data. To, Dabo da kunna data sai a hankali. Tun ranar da wayarsa ta kama layin Nijar katinsa ya salwance, ya kashe ta ya huta.

Ran Lahadi Hamidu, wani manomi daga Gidan Katta, ya kawo jan sa zai sayar. Dabo ya ƙura wa kunnen hagu ido, tsagagge ne. Ya duba waya, sai ga cigiyar Na'Allah na Amarawa, komai ya yi daidai har farin tabon goshi. Maimakon ya ja mutum gefe, sai ya ɗaga murya yana tambayar inda ya samo shi. Kafin ka ce kwabo an yi musu zobe.

Hamidu ya rantse cewa an ga san tuni, kuma a hannun Na'Allah ya saya. Aka kira Na'Allah, layi ya ƙi shiga. Wani ya ce ai dama hankalinsa bai kwanta da mutumin ba, shi da ko sunan Hamidu bai sani ba. Aka fara neman igiyar ɗaure shi.

Dabo ya kira Humaira, ba don komai ba sai don ta ji aikinta ya kama ɓarawo. Ita kuwa ta ce ya karanta mata ɗan rubutun da ke saman jerin.

"Kwana goma sha biyu rabon da a sabunta," in ji shi.

"Kawu, don Allah kunna data kahin a taɓa bawan Allah."

Ya kunna, rai bai so ba. Sabis ya zo ya tafi, ya sake zuwa. Can sai jerin ya motsa. An ga sa, an kuma sayar da shi ga Hamidu na Gidan Katta, yau kwana tara. Kunya ta rufe Dabo, ya karanta da ƙaramar murya. Lokacin rabin taron ya watse, kowa da labarin farko a bakinsa.

Har la'asar ba wanda ya taya san. Dabo ya bi Hamidu yana ba shi haƙuri, shi kuma yana kwance igiya daga turke.

"Alhaji, wayarka dai ta samu labari," in ji Hamidu. "Waɗanda sunka tahi gida da sunana fa, wa za ya hwaɗa musu?"

Ya ja sansa ya nufi hanyar Gidan Katta.