Gaisuwar da Ba Ta Yi Ba

Shekara goma sha tara ina aski, kuma na san yadda magana take yawo. Mutum zai zauna a kujerata ya faɗi abu ɗaya, kafin la'asar ya zama uku a bakin mai shayi. Shi ya sa da hannuna ya fara rawa, bayan hatsarin motar da abokina ya rasu a gefena, ban gaya wa kowa ba sai Yaya, babbar yayarmu. Wa zai miƙa wuyansa ga aska idan aka ce kan mai askin ba daidai yake ba?

Yaya ce ta fara kai ni wurin wani mai ba da shawara da ta ji ana yabo. Mutum ne mai fara'a. Ya ce zama uku ya isa in warke sarai. Don ya kwantar mini da hankali kuma ya ce, "Ai ba kai kaɗai ba ne. Telan layinku ma nan yake zuwa, tun da matarsa ta tafi."

Na yi godiya, ban koma ba. Ranar na yi ta tunanin wanda za a kwantar wa hankali gobe da labarina.

Mai ba da shawara ta biyu mace ce, a ƙaramin asibitin unguwa take, ɗaki na ƙarshe bayan wurin awon jini. Kujeru biyu, agogon bango, kwalin tishu. Yaya ta shige gabana ta fara zuba: "Ba ya barci, ba ya cin abinci, taurin kai kuwa tun yana goye."

"Hajiya, na gode," in ji matar. "Amma da bakinsa nake so in ji. Malam, ta zauna ko ta jira a waje? Kai za ka zaɓa."

Na ce ta jira. Yaya ta fita tana cewa yau ta ga ikon Allah, ɗan da ta yi wa wanka.

Na tambayi matar ko wa ya ba ta izinin wannan aiki. Ba ta ɓata rai ba. Ta nuna takardar karatunta da ta rajista, ta ce in ina so in bincika, kuma akwai na sama da ita da za a iya kai wa ƙara. Sannan ta miƙo takardar amincewa, ta ce kada in sa hannu sai mun karanta tare.

"Abin da ka faɗa nan, nan zai tsaya. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, yana da iyaka. In na ga ranka ko ran wani yana cikin haɗari, ko kotu ta nema, dole in yi magana. In da hali, kai zan fara gaya wa."

Na daɗe ina juya wannan. Wancan bai ambaci iyaka ba, wannan ta ce akwai, kuma ita na fi yarda da ita.

Ta tambayi barcina, cin abincina, da wanda nake da shi a gida. Ta tambaya kai tsaye ko na taɓa tunanin kashe kaina. Na ce a'a. Da ta zo kan hatsarin na kau da kai, ta ce ba dole sai yau ba. Me nake so ya canza? Na ce in riƙe aska kamar da. Ta ce ita ba ta rubuta magani, in je likita ya duba hannun, kuma ba za ta yi mini alkawarin rana ba. Mu gwada zama huɗu, in ban ji daɗin aiki da ita ba ta haɗa ni da wani.

Da minti hamsin suka cika ta ce, "Saura abu ɗaya. In mun haɗu a hanya ba zan gaishe ka ba, sai in kai ka fara. Ba wulaƙanci ba ne."

Bayan sati biyu shagona ya cika: direba a kujera, mai gyaran waya da telan layinmu a benci suna musun ƙwallo. Yaya ta kawo mini abinci. Sai ga matar asibitin a kan titi da jakarta. Muka haɗa ido. Ta wuce kamar ta ga sandar lantarki.

Yaya ta zabura. "Kai, waccan ba ita ce..."

"Yaya, miyar nan ba gishiri," na ce da ƙarfi.

"Uwarka ce ba gishiri!" Sai ta tuna uwarmu ɗaya, benci ya fashe da dariya, magana ta bi ta can.

Da aka watse ta ce cikin raɗa, "Mace ba ko sannu? Wannan za ka ba wa cikinka?"

"Ita fa."

Tela ya dawo ɗaukar hularsa da ya manta, ya ce ko zan ɗan gyara masa gemu. Na dube shi, na san abin da bai san na sani ba, na kuma san ba zai fito daga bakina ba. Na ɗaura masa ƙyalle. Hannun bai gama daina rawa ba, sai na ajiye aska na ɗauki injin aski. Ranar Talata ina da zama na uku.