Motar da za ta tsufa a kan ruwa

Rumfar ta riga motar zuwa. Baba ya kira kafinta tun makon da Baffa ya turo hotuna daga ƙasar waje, suka auna tsawo da faɗi, aka kafa turaku huɗu a ƙofar gida, aka rufa kwano. Kullum da safe sai ya share ƙarƙashinta, ya ajiye kujerarsa daidai inda yake ganin sitiyari zai kasance.

"Malam, ka matsa kar a take ka," in ji Inna in ta fito da shayi.

"Yi dariyarki. Ranar da ta iso, a baya za ki zauna."

Shekara talatin da biyu ya yi yana koyarwa, yana zuwa makaranta a keke. Yanzu ƙaninsa, wanda yaran gidan ke kira Baffa, ya samo masa doguwar mota ruwan toka da araha, kujerunta na fata. Ranar Litinin za a loda ta a jirgin ruwa.

'Yarsu Auta ce kawai ba ta shiga murnar ba. Wata takwas ke nan tana aiki a ofishin wakilin da ke fito wa mutane da kaya daga tashar jiragen ruwa. Teburinta yana bayan kabad ɗin fayil, kusa da taga, kuma ta tagar ana hango filin da kwastam ke ajiye motocin da aka hana shiga. Wasu tayoyinsu sun sace, wata har ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta. Ba magana take yi sosai a ofis ba, amma ta san labarin kowace.

Ranar Asabar da hantsi ta tarar da Baba a rumfa, ta tsuguna gefen kujerarsa.

"Baba, shekarar motar nawa?"

"Goma cif. Na karanta dokar, Auta, ba ke kaɗai kika yi boko ba. An ce kada ta wuce shekara goma daga shekarar da aka ƙera ta. Ba ta wuce ba."

"Ko za mu kira Baffa in ga takardun?"

Suka kira shi ta bidiyo. Baffa ya fito cikin ƙatuwar rigar sanyi, a filin dillalin motoci, yana murmushi har kunne.

"Yaya, ga amaryarka nan. 'Yar tashar jirgi, ke ma kin zo gani?"

"Ina kwana, Baffa. Don Allah buɗe ƙofar direba. Akwai 'yar takarda manne a jikin ƙarfen, ita nake son gani."

Ya nuna musu kujera. Ya nuna rediyo, ya kunna, ya kashe. Ya danna wani maɓalli, rufin ya zuge, ya leƙo da kansa ta sama. Sai a roƙo na uku ya sunkuya ya haska takardar. Shekarar ta yi daidai da abin da Baba ya faɗa.

"Kin gani ko?" in ji Baba.

"Baffa, jirgin kwana nawa zai yi a hanya?"

"Sati bakwai. Akwai mai sauri, amma ya cika. Wannan yana tsayawa nan da can, shi ya sa ya fi sauƙi."

Auta ta dubi yatsun ƙafarta. Ta fi son a ce wani ne zai faɗa.

"Baba, yau sha takwas ga Nuwamba. In ya tashi jibi, sai takwas ga Janairu zai iso. Su kuwa ba ranar da aka saya suke dubawa ba, ba kuma ranar da aka loda ba. Ranar da ta sauka a tasha. A ranar, shekararta sha ɗaya."

Baba ya ɗaga yatsu ya ƙirga, leɓɓansa na motsi. Ya sake ƙirgawa.

"Wato a kan ruwa za ta tsufa."

"E, Baba."

"Kwana takwas kacal," in ji Baffa. "Ba za a yi magana da wani ba?"

"Na'ura ce take ƙin karɓa, Baffa. In ba a fito da ita ba, babu takardar kwastam. In babu takardar, babu rajista, babu lamba. Sai dai a mayar da ita da kuɗinmu, ko ta zauna a filin da nake kallo kullum."

Inna, wadda ke tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu, ta ce, "Ai da ta zo mun zuba mata kaji."

Ba wanda ya yi dariya sai Baffa, shi ma ya haɗiye. Baba ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya ɗaga kai yana kallon kwanon rumfar. Duk layin ya san da zuwan motar. Har mai shago ya riga ya nemi a riƙa rage masa hanya zuwa kasuwa.

"To akwai wata," in ji Baffa a hankali. "Shekararta bakwai, kuma ta fi wannan araha. Sai dai, Yaya, ban nuna maka ba saboda na san halinka."

Ya taka zuwa ƙarshen filin. Can kusa da shinge wata 'yar guntuwar mota take, koriya shar, gajera kamar an matse ta daga gaba da baya.

"Wannan ai kwaɗo ne," in ji Baba.

"Ni ta yi mini," in ji Inna.

"Me ya sa take da araha, Baffa?" in ji Auta.

"Ta faɗi gwajin hayaƙi. Dillalin ya ce ba komai ba ne."

"Komai ne. A nan ma ba a karɓar mota sai da takardar cin gwajin, kuma kafin a loda ake yi. Duba mini takardar kamfanin da ya ƙera ta. Wane mataki aka rubuta a layin hayaƙi?"

Baffa ya yi ta juya takardu da hannu ɗaya. "Na biyar."

"Mu na huɗu ake nema, ta wuce ma. Ke nan ba daga ƙirarta ba ne. Ta da ita mu ji."

Ya murza makulli. 'Yar motar ta yi wani irin ruri, har Inna ta ja da baya daga wayar.

"Ƙaramin jiki, babban baki," in ji Baba.

"Baffa, leƙa ƙarƙashinta. A jikin bututun salansa, kusa da inji, akwai wata 'yar tukunya?"

Hoton ya karkace, suka ga ƙasa, suka ga takalminsa, suka ji nishinsa. "Babu tukunya. Bututu ne miƙe, da alamar walda."

"An yanke ta ne. Ita ke tace hayaƙin, kuma ana sayenta da tsada saboda abin da ke cikinta. A sa sabuwa wadda ta dace da injin, a sake gwajin. In ta ci, a loda. In ba ta ci ba, kar a loda ko kyauta aka ba mu."

Sai da ta gama ta lura ba ta taɓa yin magana mai tsawon haka a gaban su uku ba. Ta gyara mayafinta.

Baba ya daɗe yana kallon wayar. "Ita waccan doguwar, babu abin da za a sa mata?"

"Babu, Baba. Shekara ba ta gyaruwa."

"Wannan na sani," ya ce, yana shafa gwiwarsa. Ya mayar da hularsa. "Kai wa makanike kwaɗon ya gani."

Ta ci gwajin bayan kwana tara, ta hau jirgi na gaba, ta sauka a Janairu da shekara takwas. Auta ce ta cike takardunta da hannunta, ta bi layin ofishin rajista har aka ɗaura lamba.

Ranar da Baba ya shigo da ita, ya tsayar a tsakiyar rumfar, ya fito ya zagaya. Gaba da baya fili ya rage, wanda zai ɗauki tabarma biyu. Kafin ya rufe ƙofa Inna ta riga ta ɗaura igiyar shanya a turakun baya.

"Wannan wurin mota ne."

"Motar ta ce ya yi mata yawa. Kuma, Malam, ƙofa biyu gare ta, ni ba zan iya lanƙwashewa in shiga baya ba."

Ta buɗe gaba ta zauna, ta ɗora jakarta a cinya. Baba ya dubi Auta, ya kwantar da kujerar direba ya nuna mata baya.

"Shiga, 'yar tashar jirgi. Mu zaga layin sau ɗaya, mai shago ya gan mu."