Sunan da Ke Kan Takardar Lamuni

Ƙungiyarmu ta masu ƙuli-ƙuli a ƙauyenmu na gefen Makoɗa mata ce zalla, mu arba'in da biyu, amma duk abin da ya kai ga shiga Kano mijina muke turawa. Haka muka taso muka tarar, mace ba ta zaman ciniki da baƙon namiji in akwai mai tsaya mata. Malam kuwa mutum ne mai son a aike shi. Da an ce "Kano" ya fara neman hularsa.

Shekara uku muna tara kuɗin injin matsar gyaɗa, don hannayenmu sun gaji da murza. Malam ya samo mana wani dillalin injuna, Alhaji Sama'ilu, aka tsaya a naira miliyan goma sha biyu. Za mu ba da rabi kafin alƙalami, inji ya iso ƙarshen watan Maris. Ma'aikaciyar ƙungiyoyin gamayya da ke kula da mu ta ce kada mu saki ko kwabo sai bankinsa ya ba mu takardar lamuni, wato banki ya ɗauki alkawarin mayar mana da kuɗinmu in inji bai zo ba.

Ranar da Alhaji Sama'ilu ya kawo takardar, aka shimfiɗa masa tabarma a zauren shugabarmu, Goggo Yagana, shi da Malam. Mu muna tsakar gida. Malam ya leƙo ya miƙo mini ambulan yana washe baki, wai in sa a jaka a kawo yarjejeniya a sa hannu, baƙo na sauri.

Goggo Yagana ba ta karanta boko, amma ban taɓa ganin ta sayi buhun gyaɗa ba ta zura hannu har gindinsa ba. Kakanta da fataucin kanwa ya zo daga Borno, kuma ta gaji taurin cinikinsa kaf.

"Furera, ba ke ce sakatariya ba? Buɗe ki gaya mana abin da ke ciki."

"Goggo, baƙo yana jira."

"An kai masa fura. Buɗe."

Ina buɗewa idona ya faɗa kan layin farko. Na yi maza na tsallake shi na gangara ƙasa.

"Nawa suka ɗauka?" in ji Goggo.

"Miliyan shida. Da lamba da kalmomi duk ɗaya ne."

"To. In ya saɓa, yaya za su biya? Sai mun je kotu?"

Na bi sakin layin da yatsa har sau biyu. Babu kotu, babu jiran amincewar Alhaji. Da mun rubuta musu cewa ya saɓa yarjejeniya, masu sa hannunmu suka sa, za su biya. Goggo ta gyaɗa kai.

"Har zuwa yaushe?"

"Talatin da ɗaya ga Maris."

Asama'u, ma'ajiyarmu, ta ajiye tsintar gyaɗar da take yi. "Ai ranar ce inji zai iso. In bai zo ba, kafin mu wanke ƙafa mu isa banki takarda ta mutu."

"A ƙara wata guda," Goggo ta ce. "Sai me? Wa za a biya?"

Ni da ban taɓa kiran sunan mijina da bakina ba, ga shi zaune a kan takarda da manyan baƙaƙe, har da na mahaifinsa. Sunan ƙungiya kuwa, wanda ke kan rajistarmu da asusunmu da yarjejeniyar, babu shi ko a lungu. Alhaji Sama'ilu bai taɓa ganin fuskar ko ɗayarmu ba. Wanda ya sani shi ya gaya wa banki.

Na yi tunanin in ce komai daidai ne. Malam ba zai ci kwabon kowa ba, wannan ko kaffara ba zan yi ba. Amma kuɗin mata arba'in da biyu ne, kuma in abu ya ɓaci banki ba zai saurari kowa ba sai mai sunan.

"Sunan... mutumin gidanmu ne," na ce.

"Iliyasu?" Goggo ta faɗa da ƙarfi yadda zaure zai ji. "Yaushe ya fara ƙuli?"

Mata suka kwashe da dariya. Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Alhaji Sama'ilu ya ce abu mai sauƙi ne, a kawo biro ya gyara. Goggo ta aika masa cewa wanda ya rubuta shi zai gyara. Dole aka mayar wa banki takardar, Malam ya bi Alhaji banki ya sa hannu cewa a cire sunansa, aka fito da sabuwa da cikakken sunan ƙungiya da wa'adin ƙarshen Afrilu. Ni da Asama'u muka hau mota da kanmu, karon farko, muka je reshen bankin suka tabbatar mana tasu ce. Sannan muka sa hannu a yarjejeniya muka tura kuɗi.

Malam ya yi fushi, irin fushinsa mai ban haushi. Ba ya faɗa, sai dai ya ci tuwo ya ce "an gode" kamar a gidan mutane. Sau ɗaya ya ce, "Shekara ashirin, Furera, ashe ban kai a riƙe amana da sunana ba." Maganar ta yi mini zafi sosai.

Maris ya ƙare babu inji. Afrilu ya raba tsakiya babu inji. Wata Talata da hantsi sai ga Alhaji Sama'ilu a ƙofar gidanmu, da kwalin dabino da turare, wai wajen Malam ya zo. Ina shanya gyaɗa a bayan zaure, ban ce na toshe kunne ba.

Ya yi bayani mai daɗi. Kaya sun maƙale a tashar jirgin ruwa, shi ma an cuce shi, 'ya'yansa tara. Abin da yake roƙo kawai a ɗaga masa ƙafa zuwa tsakiyar Mayu, kada a rubuta wa banki, don in suka biya mu a kansa za su fanshe. Ya haɗa Malam da Allah, ya haɗa shi da zumuncin da suka ƙulla. Na san mijina, ko akuya ta roƙe shi hularsa sai ya cire mata. Tsakiyar Mayu kuwa takarda ta kwana goma sha biyar da mutuwa.

Can na ji Malam ya ce, "Wallahi Alhaji na tausaya maka. Amma ka san ba sunana ne a takardar ba. Sai ka ga Goggo."

Ya ga Goggo. Ta ce in yana son Mayu, bankinsa ya tsawaita wa'adi a rubuce kafin Juma'a. Juma'a ta zo ta wuce shiru. Ran Litinin muka kai wasiƙarmu da sa hannuna da na Asama'u da dangwalen Goggo, aka buga mana hatimin karɓa. Kafin sati ya zagayo miliyan shida ta dawo asusun ƙungiya.

Ranar da saƙon ya shigo, Malam ya dawo daga gona ya zauna kusa da murhu, wurin da ya yi wata uku bai zauna ba. Ya ɗauki ƙuli ɗaya a faranti yana jujjuya shi.

"Furera, da sunana ne, da na ce masa to."

"Na sani, Malam."

"Kin sani tun ranar?"

"A'a. Ranar kunya kawai na ji."

Ya yi dariya, ya gutsuri ƙulin. Sannan ya tambaye ni ko an sami wani dillalin, don shi fa hularsa a wanke take.

"An samu," na ce. "Ni da Asama'u za mu je. Amma kana iya raka mu."