Ƙauyen da Ke Ƙasan Ruwa

Wata takwas Asma'u ta yi tana zana ƙauyen kakanta a kwamfuta, wanda ruwan Tiga ya shanye tun kafin a haife ta. Yau Asabar, a 1999, da la'asar za a kawo kakan nata, Malam Shitu, nan Tudun Wada ya gani. Tsohon ba ya tafiya yanzu, kuma likita ya ce idonsa ba zai kai damina ba.

Matsalar ita ce hoton tsalle yake yi. In ta shiga lungu, sai ya tsaya, ya zabura, kamar jaki a gaban kwalbati. Shi ya sa ta ɗauko kwamfutar zuwa shagon Lawal mai gyaran talabijin, mutumin da ko gobara ba ta sa shi sauri.

Katin da ke fitar da hoto a cikin kwamfutar yana gudu a kan ma'aunin megahaz 125. Lawal ya ƙara biyar, ya saki zanen yana zagayawa minti goma sha biyar, idonsa a kan mitar da ya manna wayarta a bayan katin don auna zafi. Sannan ya ƙara biyar.

"Malam Lawal, don Allah ka kai shi 150 mu huta!"

"Gaggawa aikin shaiɗan ce."

Ta fita, ta dawo, ta duba agogo. Da suka kai 150 kuwa, sai ga fararen ɗigo a jikin katangu. Ya koma 140, ɗigon suka ɓace. Asma'u ta fara naɗe wayoyi.

"Ajiye," in ji shi. "Gwajin safe wannan. Ɗakin da za ki nuna, rufin kwano ne?"

Kwano ne. Ta ji kamar ta shaƙe shi, amma ta zauna.

Da azahar mitar ta haura digiri tamanin, ɗigon suka dawo. Lawal ya kashe, ya jona ɗan abin murɗawa a inda katin ke daidaita wutarsa, ya kunna, ya rage ta kaɗan yana aunawa. Zafi ya sauka. Ya ƙara ragewa, hoton ya sandare. Ya mayar inda yake, ya kuma sauko da gudun zuwa 135, tunda kati mai ƙaramar wuta ba ya jure gudu sosai.

"Yanzu awa guda, kada a taɓa."

Awar nan ba ta zauna ba. Digiri saba'in, babu ɗigo ko ɗaya.

Da la'asar aka zaunar da Malam Shitu dab da gilashin kwamfutar. Ta bi da shi ta masallaci, ta rijiya, sumul, har ƙofar gidansu.

"Ke," ya ce. "Ƙofarmu gabas take kallo, kin juya ta. Amma shiga da ni, in ga ɗakin Inna."