Lamba Biyu da Lamba Uku

Ƙarfe tara da kwata na safiyar Laraba Sakatariya ta gane cewa takardar da mutum uku suka sa wa hannu jiya ba daidai take ba.

Watanta biyu ke nan a ofishin kula da ma'aikata na kamfanin robobi, tana zaman gwaji, saura wata guda a tabbatar da ita. Kafin nan shekara huɗu ta yi tana yawo da takardu ofis-ofis. Jiya ne karo na farko da aka ba ta aikin rubuta wa kwamitin ganawa bayani. Mai gyaran wuta guda ɗaya ake nema, mutum huɗu suka zo. Injiniya ne shugaban kwamitin, sai Madam, shugabar ofishinsu, sai Foman, dattijon da ya fi kowa daɗewa a cikin injinan nan. Tambaya biyar aka yi wa kowa, iri ɗaya, kowace tambaya maki biyar. Kowane ɗan kwamiti yana da takardarsa ga kowane mai nema. Ita ba ta ba da maki. Nata shi ne ta rubuta amsoshi a littafinta, ta tara makin, ta cika takardar taƙaitawa da jerin da aka amince da shi, su sa hannu.

Jerin ya fito sarai: Lamba Uku sittin da biyar cikin saba'in da biyar, Lamba Biyu hamsin da bakwai, sauran biyun can ƙasa.

Yanzu tana haɗa fayil ɗin ne, tana duba amsoshin da ke littafinta da abin da kowa ya rubuta. Tambaya ta uku: me za ka yi kafin ka sa hannu a injin da ya lalace? A littafinta, Lamba Uku ya ce zai kashe wuta, ya sa kwaɗo, ya rataya alama, ya fara aiki. Amma a takardar Foman da ta maƙala wa Lamba Uku an rubuta da manyan baƙaƙe: "Ya ce sai ya gwada da mita ya ga babu wuta. Maki biyar."

Lamba Uku bai ambaci mita ba. Lamba Biyu ne ya faɗa, dogon nan da ya shigo yana haki.

Nan take ta tuna. Lamba Biyu ya makara, aka shigar da Lamba Uku kafin shi. Foman kuwa bai cika gurbin lamba a saman takardunsa ba, jera su kawai ya yi yadda mutane suka shigo. Ita kuma ta karɓa ta rubuta ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ana cikin tara maki aka kira Foman, wani inji ya tsaya. Da ya dawo hannunsa duk baƙin mai, ta karanta jimilla da lambobi, ya ce, "Idan lissafi ne ya ce haka, to," ya sa hannu.

Ta sake lissafawa a bayan ambulan, sau uku. Ashirin da uku na Foman na Lamba Biyu ne, sha bakwai na Lamba Uku. Lamba Biyu sittin da uku. Lamba Uku hamsin da tara.

Akawun da suke ofis ɗaya, wanda kowa ke kira Ba-Komai saboda ko gobara ce amsarsa ke nan, ya ɗago ya dube ta.

"Ƙanwata, lafiya? Kin yi fari kamar takardar da ke hannunki."

Ta nuna masa. Ya karanta, ya leƙa ƙofa, ya rage murya.

"Wa ya sani?"

"Ni kaɗai. Sai kai yanzu."

"To ni ban ji ba. Ki ƙara kalmar mita a amsar Lamba Uku, ki rufe fayil. Dukansu sun iya aikin. Ba komai."

"Wancan fa? Shi ya ci."

"Shi bai san ya ci ba. Ke kuwa kin san wata guda ya rage miki. Innarki da yaran nan biyu da kike ciyarwa, wa zai riƙe su?"

Ta buɗe littafinta ta ɗora biro a kan layin. Akwai ɗan fili a ƙarshen jimlar, kalma huɗu za su shiga. Biron ya ɗiga tabo a wurin, amma ba ta rubuta komai ba. Ta daɗe a haka, sannan ta tattara takardun ta miƙe ta nufi ofishin Madam.

Madam tana waya. Sakatariya ta tsaya a bakin tebur har ta gama, ta shimfiɗa takardun ba tare da ta zauna ba. Madam ta sa tabarau ta bi su layi-layi.

"Wa ya rubuta lambobin nan?"

"Ni ce, Madam."

"Kin tambaye shi kafin ki rubuta?"

"A'a."

Madam ta cire tabarau. "Wasiƙar ɗauka ba ta fita ba tukuna. Kira min Injiniya da Foman."

Foman ya duba takardunsa biyu, ya buga goshi. "Wannan ta dogon nan ce! Ɗayan ai na rage masa da gangan. Wanda ba ya gwada waya, wata rana mu za mu ɗauki gawarsa." Sai ya juya ga Sakatariya. "Laifina ne, 'yata. Ni da gurbin lamba ba ma ga maciji."

Injiniya kuwa sai juya makullin motarsa yake a yatsa.

"Akwai matsala," ya ce daga baya. "Na kira shi jiya da yamma."

"Wa?"

"Lamba Uku. Na ga an sa hannu, na ce bari in faranta masa. Ya ce yau da safe zai ajiye aikin da yake yi."

Madam ta rufe ido. "Sau nawa zan ce ba a kiran kowa sai wasiƙa ta fita?"

Sakatariya ba ta jira an ce mata ba. Ta zaro takardar neman aikinsa ta buga lambar. A kashe. Ta sake. Ta buga ta biyun da ya bayar, wata mata ta ɗauka, ana jin kukan jariri.

"Maigidan ya fita tun bakwai. Daga sabon wurin aikin ne? Allah ya saka muku da alheri, wallahi jiya ba mu..."

"Don Allah idan kin same shi, ki ce kada ya miƙa komai. Kada ya miƙa komai sai ya kira ni."

"Wani abu ya faru ne?"

"Ki dai gaya masa."

Ta nemo lambar shagon gyaran da yake aiki, ta yi ta ringi ba a ɗauka. Sau goma sha ɗaya ta buga.

Injiniya ya gyara murya. "Ku saurara. Maki huɗu ne tsakaninsu. Kwamiti yana da ikon tattaunawa. Mu ce mun duba gogewa, mun fifita Lamba Uku."

"Gogewa tambaya ta ɗaya ce, mun riga mun ba ta maki," in ji Madam. "Idan Lamba Biyu ya nemi a duba masa, fayil ɗin nan za a buɗe. Me za a gani?"

"Ni dai ba zan canza sha bakwai ɗina ba," Foman ya ce.

Wayar tebur ta yi ƙara. Maigadi ne. Wani yana bakin ƙofa, ya ce an ɗauke shi aiki, ya kawo hotuna da takardun asali.

Lamba Uku ya shigo da rigar jiya, an sake goge ta. Mutum ne gajere mai fara'a, ya gaisa da kowa hannu biyu. Madam ta ba shi kujera ta faɗa masa ba kwana-kwana: an yi kuskure wajen haɗa maki, an gano yau, shi ne na biyu.

Ya yi 'yar dariya, yana jiran a ce wasa ne. Ya dubi Injiniya.

"Yallaɓai, kai ka kira ni."

"Ni ne."

"Ƙarfe takwas na miƙa takarda. Shekara tara ina wurin nan. Oga ya ce in ajiye makulli, ba sai na cika wata ba."

Sakatariya ta ji muryarta ta fito da kanta.

"Ni ce na haɗa takardun ba daidai ba. Ka yi haƙuri."

Ya juyo gare ta, da alama ya ga ita ce mai rauni a ɗakin. Ya sauka daga kujera ya durƙusa.

"'Yar'uwa, ke kike rubutawa. Jiya kin rubuta ni na ɗaya. Ki bar shi yadda yake. Wancan bai ji komai ba, bai ajiye komai ba. Ni 'ya'yana huɗu, ƙaramar kwananta ashirin. Mita ce? Wallahi kullum ina gwadawa, bakina ne ya tsallake."

Ta yarda da shi, kuma abin da ya fi ci mata rai ke nan. Hawaye suka zubo mata.

"Abin da ka faɗa a ɗakin shi na rubuta. Ba ni da ikon ƙara maka."

Foman ya kama kafaɗarsa ya ɗaga shi. Injiniya ya karɓi lambar ogan nasa ya fita baranda. Ta taga suna ganinsa yana kai da kawo, yana magana da hannu. Minti ashirin ya yi. Da ya dawo ya ce mutumin ya yi fushi, ya ce ya riga ya yi wa wani alkawari, amma zai yi tunani zuwa Litinin.

Bayan Lamba Uku ya tafi, kwamitin ya sake zama. Foman ya rubuta lamba da suna a kan kowace takardarsa ya sa hannu a gefe. Aka ja layi a kan tsohuwar takardar taƙaitawa, aka rubuta "an soke", ba a yaga ta ba. Sakatariya ta cika sabuwa: amsar kowa a gurbinta, makin kowane ɗan kwamiti daban, Lamba Biyu na ɗaya, Lamba Uku na jiran gurbi har wata shida. A ƙasa ta rubuta yadda kuskuren ya faru, da wanda ya yi, da kiran da aka yi jiya. Injiniya ya daɗe yana kallon layin ƙarshen kafin ya sa hannu.

Ranar Juma'a aka ba ta takardar gargaɗi, aka ƙara mata wata uku na gwaji. Ba ta gaya wa Inna ba.

Litinin ta zo, ogan bai mayar da Lamba Uku ba. Lamba Biyu ya fara aiki farkon wata, bai taɓa jin labarin ba, kullum sai ya tsaya ya gaishe ta da fara'a. Lamba Uku kuma yakan kira wayar ofis duk mako, ya tambaya ko gurbi ya buɗe. Yanzu gyaran wayoyin gidaje yake bi unguwa-unguwa, in an samu. Ba-Komai ya ce ta bar shi ya riƙa ɗauka, ya san yadda zai sallame shi. Ta ce a'a. A mako na tara ta gaya wa Lamba Uku akwai wani a sashen dare da ake cewa zai yi ritaya, amma ba a rubuta komai ba tukuna, kada ya dogara da shi.

"To, 'yar'uwa," ya ce. "Zan sake kira."